Yadda ake sa yara su koyar da juna a aji mai cunkoso

Duk malamin da aka taɓa ba shi aji huɗu na firamare ya san abin da zan faɗa. Rajista ta nuna yara saba'in da biyu, amma idan ka rubuta lissafi a allo sai ka ga ajin ya rabu kashi uku ko huɗu. Wasu sun gama kafin ka ajiye alli, wasu suna kokawa da shi, wasu kuma kwafa kawai suke yi, akwai ma waɗanda ba su bambance 16 da 61 ba. In ka bi masu sauri ka bar na baya, in ka tsaya wa na baya masu sauri su fara tsokanar juna. Na shafe shekaru a wannan hali kafin na zauna na tsara yadda yaran za su riƙa biya wa juna.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu. A makarantar allo gardi yana biya wa kolo karatunsa, malam kuma yana zaune yana saurare, yana gyara wa wannan yana gyara wa wancan. Amma ka lura, gardin ya san ainihin abin da zai biya, kuma a ƙarshe kolon shi kaɗai zai zo gaban malam ya kawo karatunsa kafin a ce ya wanke allo. Waɗannan abubuwa biyu su ne ƙashin bayan aikin. Malamin da ya ce wa yara "ku zauna rukuni-rukuni ku yi" ya koma kujerarsa, hayaniya kawai ya saya.

Zan yi bayanin da darasi ɗaya, wato ɗebewa mai aro, domin a ga komai a fili. Tsarin yana aiki ga karatun Hausa da sauran darussan da ake maimaitawa har su zauna. Ina cewa "ka" ne don sauƙi, malama ma da ita nake.

Kayan aiki

Tsinken tsintsiya ko sillen kara, a yanka kamar tsawon yatsa. Ka ce kowane yaro ya kawo guda 25. Yara saba'in da biyu za su tara 1,800, kuma wannan ya isa kowane rukuni na mutum huɗu ya sami ɗari. A ɗaure su goma-goma da zare ko kyauron roba, a bar wasu a warwatse.

Kwali, irin na sabulu ko na taliya, a yanka girman tafin hannu. Kowane kati yana ɗauke da lissafi shida a gaba, amsoshinsu a baya.

Littafi guda na malam, wanda ba na tsara darasi ba, don rubuta sunaye da maki.

Agogo, ko na waya. Sai wata alama ta tsayar da aji, kamar tafi uku ko buga gwangwani.

Idan tsinke bai samu ba, murfin kwalba ya tsaya a matsayin goma, tsakuwa ta tsaya a matsayin ɗaya. Sai dai na fi son tsinke nesa ba kusa ba, domin yaro yana ganin goman da idonsa a cikin ƙunshi, murfi kuwa sai an gaya masa cewa goma ne. Idan kwali ya yi wuya, rubuta lissafin a allo, ka ba masu biyawa amsoshin a bayan littattafansu kafin a shiga aji.

Mataki na 1: Gwada kowa kafin ka haɗa kowa

Kada ka dogara da sanin da kake ganin ka yi wa yaranka. Mai yawan ɗaga hannu ba lallai ne ya fi iyawa ba, kuma sau da yawa yarinyar da ke lungu ba ta cewa uffan ita ce ta fi kowa. Ka ba su gwaji na tambaya shida, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowa ya yi shi kaɗai cikin minti goma sha biyar. Nawa yakan kasance haka: rubuta lambar da na faɗa da baki, sai 9 − 4, sai 48 − 23, sai 61 − 28, sai 40 − 16, sai 305 − 128.

Kada ka tsaya ga maki kawai, dubi irin kuskuren. Amsar 61 − 28 ita ce 33. Yaron da ya rubuta 47 juya lambobin ya yi: ya ga ba za a cire 8 daga 1 ba, sai ya cire 1 daga 8. Wanda ya rubuta 43 kuwa ya yi aron, ya cire 8 daga 11, amma ya manta cewa gomomin sun ragu daga shida zuwa biyar. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Na farko bai gane dalilin aro ba sam, na biyu ya kusa.

Ga wani tarko da na faɗa cikinsa na tsawon zango guda. Na riƙa gwada su da 52 − 27, kusan rabin aji na kawo mini 35. Ashe a wannan lissafin duk kuskuren biyu amsa ɗaya suke bayarwa, saboda 7 − 2 biyar ne, 12 − 7 ma biyar ne. Don haka ka guji lissafin da tazarar lambobin gidan ɗaiɗai ta zama biyar, in dai kana son gwajin ya nuna maka inda matsalar take.

Mataki na 2: Ware naka, sannan ka haɗa sauran biyu-biyu

Jera sunayen a littafinka daga wanda ya fi ƙoƙari zuwa na ƙarshe. Wannan jerin naka ne kai kaɗai, kada ya hau allo, kada ka bar littafin a kan tebur.

Da farko cire waɗanda suka kasa tambaya ta ɗaya da ta biyu. A ajin da nake ba da misali da shi su takwas ne. Waɗannan ba aikin yaro ɗan'uwansu ba ne, naka ne. Za ka zauna da su a tabarma a gaban aji lokacin da sauran suke aiki.

Saura sittin da huɗu. Raba jerin gida biyu, na 1 zuwa 32 da na 33 zuwa 64. Sai ka haɗa na 1 da na 33, na 2 da na 34, haka har na 32 ya sami na 64. Wannan ita ce hanyar da masu bincike na Jami'ar Vanderbilt a Amurka suke bi a shirinsu na karatun biyu-biyu, kuma dalilinta a bayyane yake. Kusan kowane sabon malami yakan haɗa na ɗaya da na ƙarshe, yana ganin ya yi adalci. Abin da ke biyo baya shi ne gwanin ya gaji cikin minti biyu, ya karɓe fensir ya rubuta amsar, ɗayan kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa shi daƙiƙi ne. Idan tazarar ta zama matsakaiciya, mai biyawa yana iya tuna yadda shi ma ya sha wuyar abin, kuma harshensu yakan zo ɗaya.

Bayan lissafi ya haɗa su, sai ka sa sanin mutane ya gyara. Yaro ɗan shekara goma sha uku da aka sa shi makaranta a makare ba zai yarda ɗan shekara tara ya biya masa ba, zai gwammace ya yi shiru ko ya zare masa ido, don haka nema masa sa'ansa ko da tazarar makinsu ba ta yi daidai ba. Wa da ƙane kada su haɗu, rikicin gida zai biyo su. Aminai na ƙut da ƙut ma hira za su yi. Game da maza da mata, ni nakan haɗa mace da mace, namiji da namiji, domin iyaye sun fi natsuwa da haka, kuma na sha ganin yarinya ta iya abu amma ta yi gum saboda an zaunar da ita da namiji. Ka dubi al'adar garin da kake.

Ranar kasuwa da lokacin girbi za ka ga benci ya yi giɓi. Tun farko ka gaya wa kowane biyu su waye maƙwabtansu, ta yadda wanda abokinsa bai zo ba zai shiga wajensu su zama uku, ba sai an ɓata minti biyar ana neman wurin zama ba.

Mataki na 3: Koya musu yadda ake biyawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Yaro da ya iya lissafi bai iya koyarwa ba. Abin da ya sani game da koyarwa shi ne abin da ya gani: a faɗi amsa, a yi tsawa, a ɗauki bulala. In ba ka ba shi wata hanya ba, wannan zai yi. Ka ware darasi uku cur na makon farko don wannan kawai, kada ka ji kamar ka yi asarar lokacin manhaja.

Matsayi biyu ne, mai aiki da mai biyawa. Mai aiki shi ke riƙe da fensir da tsinke, kuma yana faɗin abin da yake yi da baki. Mai biyawa yana riƙe da kati, yana ganin amsa a baya. Dokarsa ta farko, wadda nake sa su maimaita har ta zama waƙa, ita ce hannunsa ba ya taɓa fensirin ɗan'uwansa. Sauran ƙa'idojin uku ne.

Idan mai aiki ya tsaya, a jira shi. Mai biyawa ya ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuciyarsa kafin ya ce komai. Yara da yawa suna gyara kansu a cikin wannan ɗan shirun.

Idan bai fita ba, a yi masa tambaya, kada a ba shi amsa. Nakan rubuta tambayoyi uku a saman allo su zauna har ƙarshen zango: "Tsinke nawa ne a warwatse?" "Za su isa a cire?" "To me za ka yi?"

Idan ya samu, a gaya masa abin da ya yi daidai. "Ka tuna ka rage gomomin" ya fi "da kyau" amfani, domin ya nuna masa abin da zai sake yi gobe.

Hanyar koya musu ita ce wasan kwaikwayo. Kira yaro ɗaya mai ƙarfin hali gaban aji, kai ka zama mai biyawa, ka yi shi da muni da gangan: ka fizge fensir, ka ce "kai ba ka da kai ne?", ka rubuta amsa. Za su yi dariya. Tambaye su me ya lalace, su za su lissafa maka. Sannan ka sake yi yadda ya kamata da 61 − 28. Yaron ya ajiye ƙunshi shida da tsinke ɗaya. Ka tambaye shi, "Tsinke nawa ne a warwatse?" Ya ce ɗaya. "Za su isa a cire takwas?" Ya ce a'a. Ka yi shiru. In ya kai hannu ya kwance ƙunshi ɗaya, yanzu yana da ƙunshi biyar da tsinke goma sha ɗaya. Ya cire takwas saura uku, ya cire ƙunshi biyu saura uku. Sai ya rubuta 33, kuma ka sa shi ya nuna maka a takarda inda shida ta koma biyar.

Af, kalmar "aro" kanta tana rikita yara. Wata yarinya ta taɓa tambayata yaushe za a biya bashin. Gaskiyarta, ba a biya. Tun daga ranar nake cewa "kwance ƙunshi", ko in ce canji ne, kamar a ba ka naira goma goma a madadin ɗari. Sai abin ya zauna nake gaya musu cewa a littafi aro ake kiransa.

A rana ta biyu su gwada da lissafi mai sauƙin gaske, wanda kowa ya iya, domin hankalinsu ya tafi kan yadda ake biyawa. A rana ta uku ka koya musu tashi da zama: yadda za a juya a fuskanci juna, wa zai ɗauko tsinke, da irin muryar da ake so, wadda abokinka zai ji amma na bencin baya ba zai ji ba. Ka riƙe agogo su yi ta maimaitawa har shirin ya daina wuce minti ɗaya.

Mataki na 4: Darasin kansa

A darasi na minti talatin da biyar ga yadda nake rabawa. Minti goma na farko nawa ne, ina koyar da abin da kaina a allo, da misali biyu. Sai minti takwas na zagayen farko, sai minti takwas bayan an yi musaya. Minti biyar na rukunin mutum huɗu, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Minti huɗu na ƙarshe kowa ya yi lissafi biyu shi kaɗai, baki a rufe.

A zagayen farko wanda ya fi ƙarfi shi ne mai aiki, ɗayan yana riƙe da kati. Mutane suna mamakin wannan. Amfaninsa shi ne mai rauni ya ji yadda ake tunanin abin daga bakin sa'ansa kafin nasa ya zo, kuma tunda amsa tana hannunsa, shi ma yana da abin yi. Da ka buga gwangwani sai a yi musaya. Musayar nan kada ka bari ta faɗi ko sau ɗaya. Ita ce ke hana ajin rabewa gida biyu, malamai ƙanana da ɗalibansu na dindindin. Ban taɓa gaya wa yara wa ya fi wani a cikin biyun ba, nakan ce wannan ne zai fara, shi ke nan. Suna ganewa, ba shakka, amma abin da ba a furta ba ba ya zama abin gori.

Katunan hawa uku ne. Na farko lamba biyu-biyu masu aro, na biyu masu sifili kamar 40 − 16, na uku lamba uku-uku. Kada ka rubuta musu ɗaya, biyu, uku. Zana musu alama, tauraro ko wata ko ganye. Biyun da suka gama kati ba tare da kuskure ba su ajiye su ɗauki na gaba.

Kai kuma a cikin minti goma sha shidan nan kana tabarma da yaranka takwas, kuna ƙirga tsinke kuna ɗaure goma-goma. Amma ka zauna inda kake ganin aji, kuma sau biyu ka tashi ka zaga. In ka zaga, kunne za ka sa fiye da ido. Tsaya bayan wasu biyu ka ji ko mai aiki yana magana. Idan muryar mai biyawa kaɗai ke fita, an koma gidan jiya.

Kwana uku a mako ya isa. Sauran kwanakin a yi darasi yadda aka saba.

Mataki na 5: Daga biyu zuwa huɗu, da makin rukuni

Sai biyu-biyun ya kama, wajen mako na uku, sannan ka haɗa benci biyu su zama rukuni. Sittin da huɗu za su ba ka rukuni goma sha shida. Kada ka wuce huɗu. Daga mutum shida zuwa sama, biyu ne ke aiki, sauran 'yan rakiya ne.

A kowane rukuni ka ba yara lamba ɗaya zuwa huɗu. Rubuta tambaya guda a allo, wadda take buƙatar magana, misali: "Wani yaro ya ce 40 − 16 amsarsa 36. Ina ya ɓata?" Ba su minti uku su tabbatar kowa a cikinsu zai iya bayani. Sannan ka kira lamba, ka ce masu lamba uku su miƙe, ka zaɓi biyu ko uku daga ciki su amsa. Tunda ba su san wa za a kira ba, gwanin rukuni ba shi da mafita sai ya tabbatar na kusa da shi ya gane.

Ranar Juma'a ko Alhamis a yi gwaji na tambaya goma, kowa shi kaɗai. Yadda za ka juya makin zuwa na rukuni shi ne zai gyara aikin ko ya ɓata shi. Robert Slavin, wanda ya daɗe yana bincike kan wannan fanni a Jami'ar Johns Hopkins, ya nuna cewa aikin rukuni yana ƙara ilimi ne idan abu biyu suka haɗu: rukuni yana da buri ɗaya, kuma nasararsa ta rataya ga abin da kowane ɗaya ya koya da kansa. Shi ya sa a tsarinsa ake ba da maki bisa ci gaban da yaro ya samu a kan makinsa na baya. Ni na sauƙaƙa shi haka: wanda ya faɗi ƙasa da makinsa na baya ba shi da komai, wanda ya tsaya inda yake maki ɗaya, wanda ya ƙaru da ɗaya ko biyu maki biyu, wanda ya ƙaru da uku ko fiye, ko ya cinye goman duka, maki uku.

Ɗauki rukuni ɗaya. Na farko ya ci 9 a makon jiya, ya ci 10 yau, maki uku tunda ya cinye. Na biyu ya ci 7 ya sake cin 7, maki ɗaya. Na uku ya tashi daga 5 zuwa 6, maki biyu. Na huɗu ya tashi daga 2 zuwa 5, maki uku. Jimla tara. Ka ga yaron da ya ci biyar ya kawo wa rukuninsa daidai da abin da mai goma ya kawo. Da a ce tara ɗanyen maki aka yi, da kowane rukuni ya riƙa addu'ar kada a haɗa shi da mai rauni. A wannan tsarin kuwa mai rauni shi ne ya fi kowa filin kawo maki, sai ka ga ana lallashinsa ya zo makaranta.

Ladan kada ya wuce tafi da rubuta sunan rukuni a gefen allo. Na taɓa sa alawa, mako biyu kacal aka fara leƙa wa juna amsa ranar gwaji. Kuma makin rukuni ba ya shiga katin sakamakon zango. Abin da yaro ya ci da hannunsa shi ake kai wa iyayensa.

Mataki na 6: Yadda za ka gane abin ya karkace

Alama mafi saurin gani ita ce littafin yaro cike da amsoshi daidai a lokacin biyu-biyu, amma lissafi biyun ƙarshe da ya yi shi kaɗai duk sun faɗi. Ana ba shi amsa ne, ko yana leƙen bayan kati. Kada ka hukunta kowa, koma ka sake wasan kwaikwayon mataki na uku da waɗannan biyun.

Alama ta biyu ita ce kuskure iri ɗaya a benci ɗaya. Idan mutum huɗu duk sun rubuta 43 a 61 − 28, wani ne ya koya wa sauran abin da bai daidaita ba. Yaro yana yarda da abokinsa fiye da yadda kake zato, kuma kuskuren da aka koya da tabbaci ya fi wuyar cirewa. Wannan ne dalilin da ya sa amsa take bayan kati, kuma ka duba katunanka sau biyu kafin ka raba, ni kaina na taɓa rubuta amsar da ba ita ba.

Ta uku ita ce mulki. A makarantunmu an saba monita yana rubuta sunan masu surutu, wani lokaci har da tsumagiya a hannunsa, don haka wasu yara suna ɗaukar biyawa a matsayin sarauta. Da ka ji zagi ko ka ga ranƙwashi, raba su a ranar, kada ka jira ƙarshen mako.

Bayan mako biyar ko shida ka sake gwaji irin na farko, ka sake jerin, ka canza abokai. Wasu daga cikin 'yan tabarma za su shiga biyu-biyu a lokacin.

Abin da wannan hanya take iyawa da inda ta tsaya

Ƙarfinta a maimaitawa yake. A darasin da aka saba, yaro ɗaya cikin saba'in zai iya yin mako bai buɗe baki ba. A nan kowa yana yin lissafi shida ko fiye da baki da hannu, ana gyara masa nan take. Mai biyawa ma yana ƙaruwa, domin wanda ya bayyana dalilin kwance ƙunshi sau goma ba zai sake manta shi ba. Wannan ita ce amsar da nake ba uban da ya zo yana cewa an mayar da ɗansa malami ba albashi. Nakan nuna masa makin yaron na makonni, in kuma gaya masa cewa rabin lokacin ɗan nasa ne ke aiki ana duba shi.

Amma ƙorafin uban yana da gaskiya a ciki idan ba a kula ba. Yara biyar ko shida na saman jeri suna buƙatar abin da zai wahalar da su su ma. Rana ɗaya a mako nakan haɗa su wuri guda in ba su tambayoyin da sai sun yi gumi, abokansu kuma su shiga uku-uku.

Sabon abu ba a barin yara su koyar da shi. Ranar da za a fara kasafi ko rabawa mai saura, bakinka za su fara ji, sai ya zauna a kan akasarinsu sannan a kai shi biyu-biyu. Haka kuma abin da ba shi da amsa guda a bayan kati, kamar rubuta insha'i, yara 'yan aji huɗu ba su kai su gyara wa juna shi ba, iyakarsu su duba babban baƙi da aya.

An taɓa gwada miƙa wa yara koyarwar gaba ɗaya. Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 inda malami ɗaya yake koyar da manyan ɗalibai, su kuma su koyar da ɗaruruwan ƙanana. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama saboda arha, daga baya aka watsar da shi, domin abin da yake iya samarwa bai wuce hadda da maimaici ba. Ina kawo wannan ne saboda na ga inda aka ji labarin hanyar sai aka mayar da ita dalilin barin aji a hannun yara malam ya tafi ofis. Minti goma sha shida ne kacal cikin darasi, kuma a cikinsu ma kana aiki.

Sai yaron da ba ya motsawa duk da an canza masa aboki sau biyu. Kafin ka ce ba ya ganewa, matso da shi gaban allo ka ga ko yana ƙanƙance ido, yi masa magana daga bayansa ka ga ko zai juyo. Na sami yara da dama da matsalarsu ta ido ce ko ta kunne, wasu kuma yunwa ce, sun fito ba karin kumallo. Irin wannan sai ka sanar da hedimasta, a kira iyaye a zauna, yaron kuma ya dawo tabarma kusa da kai har a ga abin da za a iya yi.